Duk sunansu MP4, amma ɗaya ya buɗe ɗaya ya ƙi

A ɗauka an tura bidiyo biyu a filasha guda, aka jona ta a talabijin. Na farko fim ne da aka karɓo a shagon masu tura finafinai, sunansa ya ƙare da .mp4, ya tashi lafiya lau, ga hoto ga murya. Na biyu bidiyon biki ne da aka ɗauka da sabuwar waya, shi ma .mp4 yake, amma talabijin ta tsaya cik ta ce ba ta san wannan ba. Mai filasha zai fara zargin ƙwayar cuta, ko ya ce filashar ce jabu, ko ya koma shago ya ce ba a tura masa daidai ba. Sau da yawa babu ko ɗaya daga cikin waɗannan. Fayilolin biyu sunansu ne kawai ya zo ɗaya, cikinsu daban.

Duk bidiyon da ke cikin waya ko kwamfuta abu biyu ne a haɗe. Akwai mazubin da ya tattara kayan, wanda masu sana'ar ke kira kwantena, akwai kuma tsarin da aka bi aka matse hoto da sauti, wanda suke kira kodek. Haruffan nan da ke bayan ɗigo a ƙarshen sunan fayil, irin su .mp4 da .mkv da .avi da .mov, mazubi kawai suke faɗa. Ba sa cewa komai game da kodek.

Kamar wasiƙa ce a cikin ambulan. Mutum zai iya yage ambulan ba tare da wahala ba, ya zaro takarda, sai ya tarar da ajami aka rubuta alhali boko kaɗai ya iya. Ambulan bai yi masa gardama ba, rubutun ne ya gagare shi. Haka talabijin ɗin ta buɗe mazubin MP4, ta leƙa ciki, ta ga an matse hoton da tsarin da ba a koya mata ba.

Dalilin matsewar lissafi ne mai sauƙi. Hoto ɗaya mai faɗin 1920 da tsayin 1080 yana da ɗigo sama da miliyan 2, kuma idan kowane ɗigo ya ci bayit 3 don launinsa, hoton zai kai kusan megabayit 6. Bidiyo kuwa hotuna ne ke bin juna, a ce 25 a daƙiƙa ɗaya, wato kusan megabayit 155 kowace daƙiƙa. Fim mai tsawon minti 90 zai haura gigabayit 800. Memori mai gigabayit 32 ba zai ɗauki ko minti huɗu ba. Amma ga shi ana tura fim cikakke a gigabayit 1 ko 2, wani lokaci ma ƙasa da haka, kuma kodek ne ya yi wannan aikin.

Dabararsa ita ce zubar da abin da ya maimaitu da abin da ido ba zai lura da rashinsa ba. Idan jaruma tana zaune a falo tana magana, bango da kujera da labule ba sa motsi, bakinta da hannunta ne ke canzawa. Sai kodek ya ajiye hoto ɗaya cikakke, a hotunan da ke biye kuma ya rubuta bambancin kawai. Wannan ne ya sa wurin rawa ko ruwan sama ko taron jama'a ya fi saurin farfashewa zuwa ƙananan murabba'ai a bidiyon da aka matse da yawa: komai yana motsi, babu abin da za a ara daga hoton baya. Na'urar da za ta nuna bidiyon dole ta san ainihin ƙa'idar da aka bi, don ta sake gina hotunan ɗaya bayan ɗaya cikin sauri. In ba ta sani ba, abin da take gani tarin lambobi ne marasa ma'ana.

Kodek ba ɗaya ba ne, kuma kowane zamani da nasa. Faifan bidiyo-sidi da aka sha kallon finafinan Hausa a kansa da MPEG-1 yake aiki. Faifan dibidi ya zo da MPEG-2. Bayansu DivX da Xvid suka yi tashe, su ne ke cikin yawancin tsofaffin fayilolin .avi. A 2003 aka fitar da H.264, wanda kuma ake kira AVC, kuma har yau shi ne wanda kusan kowace waya da talabijin da kwamfuta ta sani. A 2013 magajinsa H.265 ya fito, wanda aka fi sani da HEVC, da burin ba da hoto mai kyau iri ɗaya a kusan rabin girman fayil. Kamfanin Google yana da VP9, sannan a 2018 wata gamayyar kamfanoni ta fitar da AV1. Sauti ma da nasa jerin: MP3, AAC, AC-3, DTS, Opus. Ba sai mai karatu ya haddace su duka ba. Ya riƙe H.264 da HEVC na hoto, da AAC na sauti, sun ishe shi warware mafi yawan rigingimun da zai gamu da su.

To, mene ne aikin mazubi, tunda kodek ya gama matsewa? Hoto da sauti ba tare ake matse su ba, kowanne da layinsa. Mazubi ne ke ɗauke da layukan, ya jera su gutsure-gutsure, ya rubuta lokacin da kowane gutsure zai fito don baki da murya su tafi tare. Shi ne ke riƙe da fassarar da ake rubutawa a ƙasan allo, da murya ta biyu idan fim na da harshe biyu, da tsawon fim ɗin. Shi ne kuma ke da jadawalin da ke sa idan aka ja zuwa minti na 40 na'ura ta san inda za ta dira.

Ana ganin muhimmancin wannan jadawali ranar da ya ɓace. A MP4 da MOV na yau da kullum, kyamara tana rubuta jadawalin ne a ƙarshe, bayan an danna tsayawa. Idan batir ya mutu ana tsaka da ɗauka, sai a sami fayil mai nauyin gigabayit 2 wanda babu manhajar da za ta buɗe shi. Hoton na ciki, kodek bai yi laifi ba, amma babu abin da zai nuna inda kowane gutsure yake. MKV ya fi jure irin wannan katsewa, shi ya sa masu naɗar wa'azi ko karatu kai tsaye a kwamfuta, musamman inda wuta ba ta da tabbas, suke yawan naɗa a MKV sannan su mayar MP4 daga baya.

Mazuban ma kowanne da asalinsa. MOV na kamfanin Apple ne, ya zo da QuickTime a 1991. AVI na Microsoft ne, daga 1992, kuma tsufa ya kama shi, bai dace da sababbin kodek ba sosai. MP4 a kan tsarin MOV aka gina shi, don haka 'yan gida ɗaya ne, haka ma 3GP na ƙananan wayoyin da. MKV, wato Matroska, an fara shi a 2002, kuma shi ne mai ɗaukar kusan komai: kowane kodek, muryoyi da yawa, fassara iri-iri. WebM da Google ya fitar a 2010 reshen MKV ne da aka taƙaita wa kodek kaɗan.

A nan ruɗanin yake. H.264 ɗaya zai iya zama a cikin .mp4 ko .mov ko .mkv, hoton bai canza ko ɗigo ba. Haka .mp4 ɗaya zai iya ƙunsar H.264 ko HEVC ko AV1. Don haka wanda ya ce MKV ya fi MP4 kyan hoto bai faɗi daidai ba, ko da ya ga hakan da idonsa. Abin da ya gani shi ne masu rarraba manyan finafinai sun fi son MKV, kuma su ba sa matse nasu da yawa. Kyan hoto yana hannun kodek da yawan bayanan da aka ba shi a kowace daƙiƙa.

A koma kan bidiyon bikin. A ce da iPhone aka ɗauka. Tun fitowar iOS 11 a 2017, wayoyin Apple da suka iya suna ɗaukar bidiyo da HEVC sai in an canza, su zuba shi a .mov. Dalilinsu a fili yake: a ƙiyasin da wayar kanta take nunawa, minti ɗaya na 1080p yana cin kusan megabayit 60 da HEVC, da H.264 kuwa kusan 130. Wayoyin Android da yawa ma suna da wannan zaɓin, su kuma a .mp4 suke zubawa. An kwafi bidiyon zuwa filasha, an kai wa talabijin da aka ƙera kafin HEVC ya yaɗu. Ko dai ta ƙi shi gaba ɗaya, ko a ji kiɗa da guɗa allo kuwa baƙi ƙirin. Wannan alama ta biyu ta fi bayani, domin ta nuna an buɗe mazubi, an gane AAC na sauti, hoton ne ya gagara.

Abu na farko da mutane ke yi shi ne canza suna, su goge .mov su rubuta .mp4. Wani lokaci sai ya yi aiki, kuma wannan nasarar ce ke yaudara. Yana yi ne idan kodek ɗin dama wanda na'urar ta sani ne, wutsiyar sunan kawai take ƙyama, kuma MOV da MP4 sun yi kama sosai har za ta karanta ɗaya a matsayin ɗaya. Amma canza suna bai taɓa ko bayit ɗaya a cikin fayil ba. HEVC yana nan HEVC. Wanda ya mayar da .mkv zuwa .mp4 ta wannan hanya ya ƙara wa kansa matsala, domin yanzu sunan ma ƙarya yake yi. VLC zai buɗe shi duk da haka, saboda shi ba ya dogara da suna, yana leƙa farkon fayil ya ga alamar mazubin na gaskiya.

VLC ɗin nan ma yana da tasa yaudarar. Yana tafe da nasa kodek masu yawa a cikinsa, don haka kusan komai yana buɗewa. Mai shago zai gwada a kwamfutarsa ya ga lafiya, ya rantse fayil ba shi da matsala, kuma gaskiya ya faɗa. Talabijin da na'urar dibidi mai ramin filasha su kuwa abin da aka gina a cikin kwakwalwarsu ranar ƙira shi kaɗai suka sani, ba kasafai ake iya ƙara musu ba.

Hanyar da ta dace ita ce a leƙa ciki kafin a taɓa komai. A VLC na kwamfuta, a buɗe bidiyon, a shiga Tools, a zaɓi Codec Information. Zai jera kowane layi da sunan kodek ɗinsa. Manhajar MediaInfo kyauta ce, aikinta ke nan, tana nan a kwamfuta da waya. Mai amfani da FFmpeg kuma zai rubuta:

```
ffprobe biki.mov
```

A cikin dogon rubutun da zai fito, layi biyu ake nema, mai kalmar Video da mai kalmar Audio. Idan na farko ya ce hevc da 3840x2160, na biyu ya ce aac, an gano inda gizo ke saƙa. Matsala biyu ce ma a nan: kodek sabo ne, kuma girman hoton 4K ne, wanda tsohuwar talabijin ba za ta iya ba ko da H.264 ne.

Daga nan gyara iri biyu ne, kuma bambancinsu shi ne amfanin duk wannan bayani. Na farko sauya mazubi ne kawai. Ana kwashe hoto da sauti yadda suke a zuba su a wani mazubi, ba tare da an warware matsewar ba. Ya dace idan kodek ɗin sananne ne amma na'ura ba ta karɓar mazubin, misali fim mai H.264 da AAC a cikin .mkv, ga kuma manhajar da .mp4 kawai take so:

```
ffmpeg -i fim.mkv -c copy -sn fim.mp4
```

Kalmar copy ce ke cewa kada a taɓa kodek. Aikin kusan saurin kwafi yake yi, fim cikakke ba ya wuce daƙiƙoƙi ko 'yan mintoci, kuma hoto ba ya raguwa ko kaɗan. Ita kuma -sn tana ajiye fassarar ƙasan allo a gefe, domin irin wadda MKV ke ɗauka ba kowacce MP4 ke karɓa kai tsaye ba, kuma takan sa aikin ya tsaya.

Na biyu sauya kodek ne, kuma shi bidiyon bikin yake buƙata. Dole kwamfuta ta warware kowane hoto ta sake matse shi da H.264, ta kuma rage girmansa:

```
ffmpeg -i biki.mov -vf scale=1920:-2 -c:v libx264 -crf 22 -pix_fmt yuv420p -c:a copy biki.mp4
```

Wannan yana cin lokaci, a tsohuwar kwamfuta zai iya fin tsawon bidiyon kansa, fanka tana ta huci. Lambar 22 ita ce ma'aunin kyau: in an rage ta hoto ya ƙara kyau fayil ya ƙara nauyi, in an ƙara ta akasin haka. Sashen yuv420p yana mayar da launi zuwa zurfin bit 8, wanda kowace na'ura ta sani, domin sababbin wayoyi kan ɗauka da bit 10. Sautin kuwa an bar shi yadda yake tunda AAC ne. Wanda ba ya son rubuta umarni zai iya amfani da HandBrake, ya zaɓi Fast 1080p30, sakamakon kusan ɗaya ne. Sai dai a sani HandBrake kullum sake matse hoto yake yi, ba ya yin sauyin mazubi zalla. Kuma idan wayar ta ɗauka da HDR, mai yiwuwa umarnin da ke sama ya fito da launi a kwaɗe kamar an wanke shi, wannan gyaransa daban ne.

Kowace sake matsewa tana zubar da wani abu da ba ya dawowa. Bidiyon da aka matse a waya, aka sake matsewa a shago, aka tura ta WhatsApp ya sake matse shi, fuskokin cikinsa kan koma kamar an shafa musu hannu. Shi ya sa bai kamata a goge na asali ba bayan an juya. Shi ya sa kuma manhajojin juya bidiyo da ke sake matse komai, har abin da sauyin mazubi kawai yake buƙata, suke ɓata lokaci da hoto a banza.

WhatsApp ɗin yana bayyana wani abin mamaki da mutane ke gani. Bidiyon da ya ƙi buɗewa daga filasha, in aka tura shi ta WhatsApp a matsayin bidiyo, sai ya buɗe a ko'ina, domin an sake matse shi an rage shi zuwa MP4 mai sauƙi, galibi da H.264. In aka tura shi a matsayin Document kuwa, yana isa yadda yake, da kyansa da matsalarsa.

Akwai kuma juyin wannan matsala, hoto na tafiya amma shiru. Yawanci fim ne a .mkv mai sautin DTS ko wani nau'in Dolby da na'urar ba ta da lasisinsa. Ba tsofaffin kaya kaɗai abin ke shafa ba: talabijin ɗin Samsung da suka fito daga 2018 sun daina karanta DTS daga filasha, don haka sabuwa ta kan yi shiru a fim ɗin da tsohuwa ke kunnawa. Babu dalilin taɓa hoto a nan, sauti kaɗai za a juya, kuma ba ya jimawa:

```
ffmpeg -i fim.mkv -c:v copy -c:a aac -ac 2 fim2.mkv
```

Maganar lasisi ita ce dalilin da ya sa ba a taru a kan kodek ɗaya an huta ba. H.264 da HEVC da DTS duk suna da masu haƙƙin mallaka, mai ƙera na'ura sai ya biya. Na HEVC ya fi rikitarwa, masu karɓar kuɗin sun rabu gida-gida, har ta kai wasu kwamfutoci masu Windows ba sa buɗe shi sai an sayi ƙarin HEVC Video Extensions a shagon Microsoft. An ƙirƙiri AV1 ne don a kauce wa wannan biya, amma shi kuma tsofaffin na'urori ba su san shi ba. Waya ko kwamfutar da ba ta da sashen karanta sabon kodek a jikinta takan yi ƙoƙari da ƙarfin kwakwalwarta, sai a ga bidiyo yana tsinkewa, murya ta riga baki, waya ta ɗau zafi, batir na zuba.

A ɓangaren sauti abin ya fi ɓuya, domin wani lokaci sunan mazubi da na kodek kan zo ɗaya. Fayil ɗin .mp3 kusan kodek ɗin ne tsirara da ɗan bayanin suna da mawaƙi, don haka sunansa gaskiya yake faɗa. Amma .m4a mazubin MP4 ne da babu hoto a ciki, galibi da AAC. Saƙon murya na WhatsApp kuwa Opus ne a mazubin Ogg, kuma wannan ne ya sa rediyon mota ko ƙaramar sifika mai cin memori ba ta ganinsa ko an canza masa suna zuwa .mp3, sai an juya shi da gaske.

Ba kowace gardama ce ta kodek ko mazubi ba. Idan fayil ya ƙi shiga filasha alhali akwai wuri, a duba ko ya haura gigabayit 4, domin filashar da aka tsara da FAT32 ba ta ɗaukar fayil ɗaya da ya wuce haka. Idan fim ya tsaya a wuri guda a kowace na'ura, har a VLC, to kwafin ne bai kammala ba ko memorin ya lalace.

Ga mai ɗaukar biki ko suna ko walima da ya san za a raba bidiyon ga dangi masu na'urori iri-iri, ya fi sauƙi a gyara tun kafin ɗauka. A iPhone a shiga Settings, sai Camera, sai Formats, a zaɓi Most Compatible. A Android a duba saitin kyamara a kashe zaɓin HEVC, wanda wasu wayoyin ke kira High efficiency video. Abin da zai fito H.264 ne da AAC. Zai ci kusan ninki biyu na wurin da HEVC zai ci, don haka mai ɗaukar dogon taro sai ya tanadi memorin da zai isa.